Manhaja ta ce ba ni na rubuta furojet ɗina ba, in kai su kotu?

Wata ƴar'uwa daga unguwar Ƙofar Ƙaura a Katsina ta turo min tambaya. Tana digiri na biyu, ta miƙa babi uku na furojet, aka saka a manhajar da ke gano rubutun ChatGPT, sai ta nuna wai kashi 74 cikin ɗari ba mutum ya rubuta ba. An ba ta takarda ta bayyana gaban kwamitin ladabtarwa. Ta ce wallahi da hannunta ta rubuta, kuma ta ji an ce manhajojin nan suna nuna wa waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba wariya, don haka tana son shigar da ƙara kan nuna bambanci da ɓata suna.

To Malama, sannu da wannan tashin hankali, na san ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum aikin da ya hana idonsa barci a kai na inji ne. Abin da kika ji yana da tushe, amma bai ba ki irin haƙƙin da kike zato ba, aƙalla ba yanzu ba.

Manhajar nan ba ta san wanda ya zauna ya yi rubutu ba. Galibinsu abin da suke aunawa shi ne sauƙin hasashen kalmar da za ta biyo baya. In na ce miki "na je kasuwa na sayo kayan", kusan kowa zai ce "miya", ai kin ga babu mamaki a ciki. Inji irin ChatGPT yawanci kalmar da aka fi zato yake zaɓa, shi ya sa idan rubutu ya cika tafiya a kan hanyar da aka saba, jimlolin kuma tsawonsu kusan ɗaya, sai manhaja ta ce na inji ne. To mu da muka koyi Turanci a aji fa? Haddace mana aka yi yadda ake buɗe insha'i da yadda ake rufe shi tun muna shirin WAEC, kalmomin da muka tabbatar da su muke ta maimaitawa don gudun jan biron malam, ba ma kasadar wasa da harshe yadda wanda ya tashi da shi a gida yake yi. Taka-tsantsan ɗin da ya ba mu maki a sakandare shi ne yanzu yake kama da rubutun inji, balle babin bitar ayyukan magabata da kowa salo ɗaya yake bi.

A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai da insha'i 91 na jarabawar TOEFL, wadda ke gwada Turancin waɗanda ba harshen uwarsu ba ne, duk mutane suka rubuta. A matsakaici kusan kashi 61 cikin ɗari aka ce na inji ne, 89 daga ciki aƙalla manhaja ɗaya ta kama su, alhali rubutun ɗaliban Amurka ƴan aji takwas kusan duka ya tsallake. Da suka sa inji ya ƙawata kalmomin insha'in nan, kuskuren ya sauko zuwa wajen kashi 12. Wato da inji ya taɓa aikin sai ya fi kama da na mutum a wurinsu. OpenAI ma, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, da kansa ya janye tasa manhajar gano rubutun inji a Yulin 2023 saboda rashin inganci.

Amma a kula. Binciken ya nuna manhaja na iya kuskure, bai nuna ta yi kuskure a kanki ba, kuma ba kowace manhaja aka gwada ba, kamfanin Turnitin mai irin wannan manhaja misali ya ce nasa gwajin bai nuna irin wannan bambanci ba. Idan kika shiga kwamiti da shi kaɗai wani zai iya jefo miki wannan, ki rasa ta cewa.

Batun wariya, sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yi magana ne kan al'umma, ƙabila, asalin wuri, jinsi, addini da ra'ayin siyasa. Kusan kowa a ajinku da harshe na biyu yake rubuta Turanci, to da wa za a ce an bambanta ki? Ba na cewa ba za a iya gina hujja ba, amma ni ba zan sa ki kashe kuɗi a kai ba. Ɓata suna ma haka, malamin da ya kai rahoto ga kwamiti a cikin aikinsa yawanci yana da kariya, sai in an nuna ƙeta ce ta sa shi ko ya yayata a inda bai dace ba. Sannan kotunan ƙasar nan sun daɗe suna ɗari-ɗari da shiga harkar maki da ba da digiri, kuma abu na farko da lauyan makaranta zai ce shi ne ba ki ƙare matakan cikin gida ba. Har yanzu ma ba a yanke miki hukunci ba.

Inda kike da ƙarfi shi ne haƙƙin a saurare ki, sashe na 36. Tun shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986 Kotun Ƙoli ta nuna ba a hukunta ɗalibi ba tare da an ji ta bakinsa yadda ya kamata ba. Akwai kuma sashe na 37 na dokar kare bayanai ta 2023, wanda ya ba mutum damar ƙin hukuncin da inji kaɗai ya yanke, sai dai yana da togaciya, kuma makaranta za ta ce ai kwamitin mutane ne. Duk da haka a ambace shi a wasiƙa, yana sa su nutsu. Gaskiya abin yana min ciwo, a ce sashe guda na jami'a, cike da malaman da su ma a aji suka koyi Turanci, ya ɗauki lamba ɗaya a fuskar kwamfuta kamar shaidar gani da ido.

Ki amsa gayyatar a rubuce kamar yadda aka saba, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. A ciki ki nemi cikakken rahoton, sunan manhajar, sakin layin da ta yi wa alama, da ƙa'idar makaranta da ake cewa kin karya, don yana yiwuwa kundin ɗalibanku bai ma ambaci irin wannan gwaji ba, wannan sai an duba. Sai ki tattara abin da ke nuna tafiyar aikin. Kin ce da biro kika fara, to littafin nan mai goge-goge da kibiyoyi a gefe ya fi min binciken Stanford daraja, haka daftarin da sufabaiza ya yi wa gyara da jan biro, da saƙonnin da kuka yi da kwanan wata. In a Google Docs kika buga, ki buɗe File sannan Version history, zai nuna yadda aikin ya girma rana bayan rana. Kar ki taɓa fayil ɗin yanzu, kuma don Allah kar ki bari masu shagon kwamfuta su saka miki shi a manhajar sauya kalmomi don lambar ta sauko, wannan shi ne zai mayar da mai gaskiya mai laifi. In kin yi amfani da manhajar gyara Turanci ta Grammarly ko kin fassara wani sashe daga Hausa da manhaja, ki faɗa da bakinki tun farko, don irin wannan kan iya ɗaga lambar, kuma gara su ji daga gare ki.

Ki kuma roƙi a yi miki tambayoyi baki da baki a kan aikin, ko a ba ki takarda ki rubuta shafi ɗaya a gabansu. Wanda ya yi aikinsa zai faɗi dalilin da ya sa ya zaɓi wancan marubucin ya bar wannan. Kafin ranar zaman ki je wurin sufabaizanki cikin ladabi, ko ku tafi da wani babba da sashen ke jin nauyinsa, sau da yawa a ofishin shugaban sashe maganar ke mutuwa. In hukunci ya fito bai yi miki daɗi ba akwai ɗaukaka ƙara a cikin makaranta, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Kotu tana nan a bayansu, sai dai ƙarar hukumomin gwamnati tana iya samun wa'adi gajere, wani lokaci wata uku kacal, don haka ranar da takardar hukunci ta shigo hannunki ki kai wa lauya ita tare da kundin ɗalibai, kar ki bari sai an dawo hutu.