Amsa: Ɓoye abin da aka ɗora a hoto a GIMP ba tare da gogewa ba

"Na ɗora hoton mutum a kan wani hoto, na goge gefensa da Eraser har na yanke masa hula. Yaya zan gyara?"

Malam, shawarata ita ce ka ajiye magogin nan, ka sake shigo da hoton mutumin a leyarsa ta daban, sannan ka bi Layer > Mask > Add Layer Mask, ka zaɓi White (full opacity). Wani farin akwati zai bayyana kusa da ƙaramin hoton leyar, kuma shi ne marufin da za ka yi aiki a kansa. Duk inda ka shafa baƙi da Paintbrush zai ɓuya, inda ka shafa fari zai dawo, ruwan toka kuma yana bayyana abu sama-sama. Saboda haka idan hannunka ya zarce ya ci bakin hular, sai ka danna X domin launukan biyu su yi musanya, ka shafa fari, hular ta dawo da zanenta cif, domin ba a taɓa ta ba tun farko.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shafa baƙi ya ga fenti ya ɓata fuskar mutumin. Wannan alama ce cewa leyar ka zaɓa, ba marufin ba. Ka danna Ctrl+Z, ka taɓa akwatin marufin har farin layi ya zagaye shi.

Ina roƙonka kada ka danna Apply Layer Mask kafin ka gama, domin yana haɗe marufin da leyar, ba za ka ƙara samun marufin da za ka gyara ba. Ka adana aikin a XCF, tsarin fayil na GIMP, saboda JPEG ba ya riƙe leya balle marufi.