Kafin ki tura kuɗin gahawa, dubi hoton da kyau

"Malam, wani ɗan kasuwa ya turo min hoton gahawar Bafusam a WhatsApp, ƙwayoyin sai sheƙi suke yi. Maigidana nake so in saya wa, amma ina tsoron a cuce ni." Wata uwargida, Garwa.

Hajiya, kwantar da hankalinki, kin kyauta da kika tambaya kafin kuɗi su bar hannu. Sheƙin nan mai ne da ke tsatsowa daga cikin ƙwaya. Idan ƙwayar baƙa ce wuluk, suya ce ta yi nisa, za ki sha ɗaci da ƙauri. Idan kuwa launinta na ƙasa-ƙasa ne amma tana maiƙo, to ta daɗe a ajiye, kuma zafin Garwa na watan Afrilu ba ya raga wa man nan, nan da nan yake ɗaukar warin tsohon man gyaɗa. Matsakaiciyar suya sabuwa busasshiya ce, sau da yawa da ɗan farin ɓawo maƙale a tsagar tsakiya.

Amma fitilar waya tana sa komai ƙyalli. Ki ce ya zuba ƙwaya goma a kan farar takarda, ya ɗauka a inuwa da rana. Ki dubi tsagar, don manyan irin gahawa biyu ne: arabika doguwa ce, tsagarta a lanƙwashe, robusta, irin ta wajen Nkongsamba, ta fi zama kewayayya, tsagarta miƙaƙƙiya. Kada ki biya kuɗin ta farko a ba ki ta biyu.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne hoton gaban leda kawai. Mutane sai su ga tambari mai kyau su tura jaka nawa, ba su nemi ganin baya ba! Ki nemi inda aka rubuta "torréfié le", wato ranar suya. Ranar ƙarewa, "DDM", yawanci shekara ɗaya zuwa biyu ce bayan suya, don haka idan saura wata 3 ta cika, gahawar ta kai wata 9 aƙalla. Ɗan maɓallin nan mai huji a jikin leda iskar da sabuwar suya ke fitarwa yake saki. Alama ce ta kulawa, amma ba ya maye gurbin kwanan wata. Wanda ya ƙi nuna bayan leda, ki riƙe kuɗinki.

"Wadda ta fi baƙi ita ta fi hana barci, ko?" Ɗalibi, Marwa.

A'a. Baƙi ɗaci yake ƙarawa. Robusta ce ke da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kusan ninki biyu na arabika. Je ka yi karatunka.

"Niƙaƙƙiya fa, yaya zan gane ta a hoto?" Mai shayi, Kusiri.

Ka sa a barbaɗa ta kusa da gishiri da sukari. Mai laushin garin tuwo ta tafasawa ce a buta da citta; mai kamar gishiri ta tukunyar moka, wadda tururi ke tura ruwa ta cikin garin; mai tsakin sukari ta tacewa. Sai dai hoto ba zai tona soyayyen masara da aka niƙa a ciki ba. Sayi ƙwaya, ka daka da kanka.