Zan sauka daga shugabancin sashe: me zan rubuta wa magajina?

Tambaya: Malam, wa'adina na shugabancin sashe a jami'armu zai ƙare ƙarshen wannan zango, kuma an ce in rubuta takardar miƙa aiki. Akwai matsalolin da ban kammala warwarewa ba. In rubuta su, ko in faɗa wa magajina baki da baki don kada su zame min abin zargi?

Amsa: Malam, ka rubuta su. Abin da aka faɗa da baki ba shi da shaida, kuma ranar da magana ta tashi a ofishin shugaban tsangaya ko a gaban masu binciken kuɗi, takarda za a nema. Matsalar da ka rubuta da kwanan wata, magajinka ya sa hannu ya karɓa, ta koma wuyan ofis. Wadda ka ɓoye kuwa tana nan a wuyanka ko bayan shekara nawa.

Yadda ake rubutawar shi ne inda mutane suke tuntuɓe. Da yawa sukan cika shafuka da nasarorin da suka samu, sai a ƙarshe su sa layi ɗaya: "akwai batun tantancewa da ake bi." Wannan layin bai gaya wa kowa komai ba. Kowane aikin da ya rage yana bukatar a faɗi inda ya tsaya, a hannun wa yake, ranar da wa'adinsa zai cika, da abin da zai faru idan ranar ta wuce.

Mu ɗauki tantancewar kwasa-kwasai da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, take yi, don ita ce ta fi yi wa sabon shugaba ba-zata. Kwas ɗin da ya samu cikakkiyar amincewa yana da shekara 5 kafin a dawo masa, wanda ya samu ta wucin gadi kuwa shekara 2 kawai. Idan aka hana amincewa gaba ɗaya, to an rufe ƙofar ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin har sai an gyara. A ce sashenku yana kan ta wucin gadi, saura wata 8 a dawo. Sai ka rubuta watan da aka zo, ka haɗa kwafin rahoton, sannan ka bi gyare-gyaren da aka nema ɗaya bayan ɗaya: an ce manyan malamai sun yi kaɗan, an aika takardar neman ƙari ga shugaban jami'a ranar kaza, ga lambar takardar, har yau babu amsa, an ce littattafan laburare sun tsufa, an miƙa jerin sababbi, ba a sayo ba, rahotannin mai duba jarrabawa na waje na zango biyu ba sa cikin fayil. Mai karanta wannan ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa ranar Litinin.

Sakamakon ɗalibai ma haka. Idan akwai 'yan ajin ƙarshe da makin wani kwas ya ɓace musu, ka ba da lambobinsu, da lambar kwas ɗin, da matakin da maganar ta kai: sashe, tsangaya, ko majalisar jami'a. Jinkiri a nan yana iya sa yaro ya rasa tafiya bautar ƙasa tare da 'yan ajinsu, kuma iyaye ba sa tambayar wane ne shugaba lokacin da takardar ta ɓata.

Kuɗi kam kada ka miƙa su a rubuce kawai, ka rufe su. Duk kuɗin aikin da ka karɓa da sunanka, ka kai rasidai ofishin basa, wato ma'ajin kuɗin jami'a, kafin ka sauka, domin bashi ne a kanka kai kaɗai, ana iya cire shi daga albashinka. Kayan ofis kuma ku zagaya tare da magajinka da ma'ajin sito ku ƙirga, har da na'urar da ta lalace da kwamfutar da wani malami ya ara ya tafi da ita gida.

Wajen mutanen da ake tuntuɓa, jerin lambobin waya kaɗai ba ya wadatarwa. Ka faɗi wanda yake riƙe da fayil ɗin sashe a ofishin tsare-tsaren karatu, da mai kula da SIWES, wato horon ɗalibai a wuraren aiki, da mai duba jarrabawa na waje da ranar ƙarewar naɗinsa. Alkawuran baki da ka yi ko aka yi maka su ma ka saka su, misali ajin da wani sashe ya ara muku. Kalmar sirrin shafin sakamako kuwa ba ta shiga takarda. A rufe taka, a buɗe wa magajinka tasa.

Iyaka ɗaya ce nake ja maka. Batun ladabtarwa ko ƙorafi a kan wani malami, ka ambaci lambar fayil da matakin da yake kai kawai, ban da ra'ayinka a kan halin mutum, domin takardar tana bi ta hannaye da yawa. Ku sa hannu ku biyu da kwanan wata, a aika kwafi ga shugaban tsangaya da magatakarda, kai ma ka ajiye naka a gida.