Usman, Shehu, Ɗan Fodiyo, Mujaddadi: wanne ne sunan yanka?

Tambaya: "Salamu alaikum. Ina haɗa takarda kan Shehu Ɗan Fodiyo, amma kowane littafi da sunan da yake kiransa: Usmanu Danfodiyo, Ibn Fudi, Shehu Usman, Mujaddadi, Nuruz Zaman, Amirul Muminina. Me ya kawo yawan sunayen nan, kuma ta yaya zan gane wanda aka raɗa masa ran suna?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sunansa na yanka Usman. Mahaifinsa Muhammadu, kakansa kuma Usman. Duk sauran da ka lissafa daga baya suka hau kansa, kowanne da lokacinsa da kuma bakin da ya fito. Amma tunda takarda kake rubutawa, bai kamata ka ɗauka don na faɗa ba, gara ka san inda ake dubawa.

Wurin farawa shi ne rubutun mutumin da kansa. Na ɗan jima ina mu'amala da tsofaffin littattafan hannu na malaman Sakkwato, irin waɗanda ake ajiyewa warƙa-warƙa a cikin gafaka ba ɗinki. Idan ka buɗe warƙar farko ta littafin Shehu, kamar Ihya'us Sunna ko Bayanu Wujubil Hijra, za ka ga Bisimilla, sai salati, sai marubuci ya gabatar da kansa. A yawancin littattafansa kusan lafazi ɗaya yake maimaitawa: bawa mabuƙaci zuwa ga rahamar Ubangijinsa, Usman ɗan Muhammad ɗan Usman, "alma'arufu bi Ibni Fudi", wato wanda aka fi sani da Ɗan Fodiyo. To ka lura da wannan kalma ta "alma'arufu". Ita ce iyaka. Abin da ya zo kafinta suna ne da nasaba, abin da ya biyo bayanta kuwa sunan da ya yi fice da shi ne a bakin jama'a. Shi da kansa ya raba maka su. Wannan ƙa'ida tana aiki a kan malaman wancan zamani gaba ɗaya, in ka ga "alma'arufu bi" ko "almulaƙƙabu bi", to laƙabi ne ke tafe.

Sai dai a nan akwai ramin da ɗalibai ke yawan faɗawa. A ƙarshen littafin hannu, bayan an ce an kammala da godiyar Allah, sau da yawa wani suna yakan fito, wani lokaci har da sunan garinsa da na wanda aka rubuta wa. Wannan na mai kwafa ne, ba na mawallafi ba. Kuma mai kwafa yakan ƙara nasa girmamawa a bangon littafi ko a gefen warƙa, ya ce Shehunmu, ko Mujaddadin addini. Don haka sai ka bambance abin da ke cikin jimlar gabatarwa da abin da aka ɗora a kai.

Fodiyo ba sunan Shehu ba ne ko kaɗan, laƙabin mahaifinsa ne. Da Fulatanci ana ce wa malami masani Foduye, kuma da yake Muhammadu malami ne a cikin Toronkawa, sai sunan ya bi shi. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce ka duba ƙaninsa, Abdullahin Gwandu. Shi ma Ɗan Fodiyo ne, shi ma Ibn Fudi yake a littattafan Larabci. Idan wa da ƙane suna amsa suna ɗaya da "ɗan" a gabansa, to sunan na uba ne. Wanda ya rubuta "Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu" ya tura uban ne inda ɗan ya je. Yawan rubutun da kake gani kuwa, Fudi, Fodio, Foduye, Fodiyo, duk daga wuri ɗaya suke. An rubuta kalmar Fulatanci da harufan Larabci, sau da yawa ba wasali, sai kowa ya karanta da harshensa. Balarabe ya ce Fudi, Bafulatani ya ce ɓii Foduye, Bahaushe ya ce ɗan Fodiyo. Turawa da suka zo suka ji "ɗan" suka ɗauka cikin sunan yake, suka liƙa shi. Clapperton, wanda ya isa Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Bello, a haɗe ya rubuta shi. Har yau haka yake a sunan jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka sa mata sunansa a 1988. Ba laifi ba ne a allon jami'a, amma kar ya sa ka zaci sunan iyali ne irin na Turawa.

Abu na biyu da nake yi da kowane suna shi ne in tambaye shi shekararsa. Jariri ɗan kwana bakwai ba ya zama shehi, ba ya zama sarki. An haifi Usman a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a watan Disamba 1754, garin yana cikin Jamhuriyar Nijar a yanzu. Ya tashi a Degel. Ya fara wa'azi yana da kimanin shekara ashirin, wajen 1774, ya zaga Kabi da Zamfara. Shehu muƙamin ilmi ne da tarbiyya, almajirai ne ke ba malami shi bayan ya tara jama'a, don haka ba zai riga wannan zamanin ba. Amirul Muminina ma ya fi sauƙin kamawa, domin yana da shekara takamaimai. A 1804, bayan ya bar Degel zuwa Gudu saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa, jama'arsa suka yi masa mubaya'a. Daga nan ya zama Amirul Muminina, Hausawa suka ce Sarkin Musulmi, Fulani suka ce Lamiɗo Julɓe. Muƙami ɗaya ne da harshe uku, ba sunaye uku ba. Mutumin ya kusa shekara hamsin kafin ya same shi.

Kuma muƙami gado ne, yana barin mai shi. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya zama Amirul Muminina har 1837. Saboda haka in ka tsinci wasiƙa da aka buɗe da "daga Amirul Muminina" kar ka yi saurin cewa ta Shehu ce, nemi sunan da ke biye da kuma shekarar. Haka ma kalmar Shehu ita kaɗai. A Sakkwato in an ce Shehu, ko Hubbaren Shehu, ba mai tambayar wanne. Amma a takardun Borno na zamani guda, Shehu shi ne Muhammadul Amin Elkanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, mutumin da ya yi ta musayar wasiƙu da Sakkwato kan halaccin jihadin. Ka ga in ba ka duba daga ina takarda ta fito ba, za ka iya jingina wa mutum maganar abokin jayayyarsa.

Mujaddadi da Nuruz Zaman, wato hasken zamani, wani aji ne daban, yabo ne. Mujaddadi ya samo asali daga hadisin nan da ke cewa Allah yana tayar wa al'umma mai jaddada mata addininta a kan kowace shekara ɗari, kuma wa'azin Shehu ya yi ƙarfi ne daidai shigowar ƙarni na goma sha uku na Hijira. Almajiransa da 'ya'yansa suka gan shi a wannan matsayi, suka kira shi da shi a waƙoƙi da littattafai. Irin wannan suna yana gaya maka yadda mai rubutu ya ɗauki mutumin, ba ya gaya maka abin da aka raɗa.

Dalilin da ya sa waɗannan laƙubba suka kusa danne sunan yankan kuwa, a gidajenmu yake har gobe. Ba a kiran babba da gatsal. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin na miji, wanda ya ci sunan kaka sai a sakaya shi. Almajiri ba zai buɗe baki ya ce Usman ba alhali malaminsa yake nufi, sai ya ce Shehu. Abin ya yi nisa har ya juya: yau a ƙasar Hausa in an sa wa yaro Usman, sai a riƙa ce masa Shehu don alkunya. Marigayi Shugaba Shehu Shagari ma Usman ne sunansa. Wato laƙabin mutum ɗaya ya zama inkiyar duk masu sunansa, shi ya sa wasu ke zaton Shehu ne sunan, Usman kuma na uba.

Gidan Shehu kansa ya nuna maka wani dalilin. 'Ya'yansa maza da dama Muhammadu ne: Muhammadu Sa'ad, Muhammadu Sambo, Muhammadu Bello, Muhammadu Buhari. In an tsaya kan Muhammadu kawai, ba a san wanda ake kira ba, dole suna na biyu ya yi aikin rarrabewa, har ya zo ya fi na farkon amo. Mutane da yawa ba su san Bello ba shi ne farkon sunan Sarkin Musulmi Bello ba. Usman ma ba shi kaɗai ba ne a danginsa. Ga kakansa, ga kuma Usman Binduri, ɗan'uwansu wanda yana cikin malaman da suka karantar da shi. In kana bin tarihin karatunsa ka ga an ce Usman ya karantar da Usman, ba kuskuren mai kwafa ba ne.

Bayan rubutun Shehu kansa, shaida mafi ƙarfi ita ce ta waɗanda suka zauna da shi: Abdullahi a Tazyinul Waraƙat da Ida'un Nusukh, Bello a Infaƙul Maisur, sai Waziri Giɗaɗo a Raudul Jinan. A irin waɗannan ne ake samun nasabar da ta wuce kaka, Usman ɗan Salihu ɗan Haruna, har a kai ga Musa Jakollo da ake cewa shi ya jagoranci dangin daga Futa Toro zuwa yankin Ƙonni. Ni dai ra'ayina, can saman nasaba ana iya samun saɓanin rubutu tsakanin kwafi da kwafi, domin sunayen Fulatanci ne da harufan Larabci, amma ukun farko ba su motsi. Littattafan baya, na boko da na Turawa, sai ka sa su a sahu na uku, ka auna su da waɗannan, ba ka auna waɗannan da su ba.

A takardarka, karo na farko ka rubuta Usman ɗan Muhammadu Fodiyo ɗan Usman, ka ce an fi saninsa da Shehu Usman ɗan Fodiyo, daga nan ka zaɓi guda ka tsaya a kai har ƙarshe. Kar ka kira shi Amirul Muminina a babin da ke magana kan abin da ya faru kafin 1804. In kuma za ka nemi littattafansa a Arewa House da ke Kaduna ko ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ka gwada rubutun sunan fiye da ɗaya, domin kundin da aka tsara daga Larabci yakan ajiye shi a ƙarƙashin `Uthman b. Fudi` ko `Uthman b. Muhammad`, wanda aka tsara da boko kuma a ƙarƙashin `Dan Fodio` ko `Danfodiyo`.