Sanarwar buɗe injin casar shinkafa: yadda za ta shiga jarida

"'Yan uwa, ƙarshen wata zan buɗe ƙaramin kamfanin casar shinkafa a Kura. Yaya zan rubuta sanarwar da jaridu da masu shafukan intanet za su buga?"

Allah ya sanya albarka, Malam. Na daɗe ina rubuta wa 'yan kasuwa irin wannan takarda, kuma abin da ya fi kashe ta shi ne a rubuta ta kamar talla. Edita na ganin "shinkafarmu ta fi ta kowa, sai an gwada akan san na ƙwarai" zai tura ka sashen talla, a yanka maka kuɗi. Shi labari yake nema, wato abin da ya shafi mutanen gari.

Saboda haka ka tambayi kanka: me zai canza a Kura idan injin nan ya tashi? Amsar ita ce kanun labarinka. A ce injin yana cashe buhu 80 a rana, ka ɗauki matasa 15. Sai ka sa: "Sabon injin casar shinkafa a Kura zai ɗauki matasa 15 aiki". Sakin layi na farko ya ɗauke komai: sunan kamfani yadda yake a takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, unguwa, rana da lokacin buɗewa, da buhu nawa a rana. Dalili kuwa, idan fili ya yi kaɗan daga ƙasa ake yanke labari, don haka tarihinka da godiya ga iyaye su koma can ƙarshe. A tsakiya ka sa maganarka guda ɗaya, mai nama a jiki, kamar wahalar da manomi ke sha kafin ya samu layin casa lokacin kaka. Duka kada ta wuce shafi ɗaya.

Kada ka rubuta cewa hakimi ko kwamishina zai halarta sai ya amsa da bakinsa. In bai zo ba, ɗan jaridar da ya buga ba zai sake yarda da takardarka ba.

Wajen turawa, masu shafukan intanet kwafa suke yi su liƙa, to ka tura rubutun tsurarsa ta imel ko WhatsApp, ba hoton takardar gayyata ko PDF ba. Haɗa da hoto na kwance, injin yana aiki, da sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama. Irin su Aminiya ka ba su ta Hausa, Daily Trust ta Turanci, kuma ka nemi wakilinsu na Kano kai tsaye. Tura mako guda kafin ranar, da safe, ban da Juma'a. Lambar da ka sa a ƙasa ta zama wadda ake ɗauka, don ɗan jarida sau ɗaya yake kira ya wuce wani labarin.