Datar kallo ba ta kai ni ƙarshen wata

"Gig 5 nake saya a wata, amma kafin mako biyu ya ƙare a kallon YouTube. Ina Tudun Wada, Kaduna. Yaya zan yi?"

Malam, fara duba ingancin hoton. Idan ka bar shi a kan Auto, da zarar sabis ya yi ƙarfi sai ya haura zuwa 720p, wanda ke cin kusan gig ɗaya a awa. Shiga Settings na YouTube, ka taɓa Video quality preferences, ka zaɓi Data saver don ya rage ingancin hoton. A 360p awa ɗaya ba ta cika wuce megabait 300 ba, kuma a allon waya fuskoki na fitowa sarai. Gig 5 ɗinka zai ba ka wajen awa 16 maimakon 5.

Shiri mai dogon zango kuwa, sauke shi da garaɓasar dare, ka kalla da rana. Sai dai duba ingancin kafin ka danna Download, nan mutane ke tafka asara. Ba kowane bidiyo ne ke saukuwa ba.

Ƙwallo ce kaɗai na ga ta cancanci 720p; hira da wa'azi, 144p ma ya isa tunda sauti ake bi. In data na zurarewa ko ba ka kallo, je ofishin kamfanin layinka su duba.