Kwandasta, Karen Mota da Sallamar Mutanen Karnataka

Tambaya: Malam, ina mayar wa ɗalibaina wani gajeren labari na harshen Kannada zuwa Hausa, na wata yarinyar ƙauye da ta fara shiga bas za ta kwaleji a birnin Maisuru da ke jihar Karnataka ta ƙasar Indiya. Mai karɓar kuɗin motar, in kira shi karen mota?

Amsa: A'a, kada ki soma. Karen mota shi ne yaron da ke bin direba, ya ɗaura kaya, ya sa wa taya waigi, ya kwana kan buhuna, kuma sunan ma na raini ne. Wanda ke cikin bas ɗin gwamnatin jihar Karnataka kuwa ma'aikaci ne mai albashi. Yana sanye da kaki, da jakar kuɗi a rataye, yana yanka tikiti, sai ya busa usur direba ya tashi. Wannan kwandasta ne. Ɗan kamasho kuma ba ya cikin zancen, shi a tasha yake tsayawa yana lodi a ba shi la'adarsa. Abin da ke ba ni takaici, yaran yanzu sun haɗa ukun nan sun dama, kowa aka gani a bakin ƙofar mota sai a ce karen mota. Na taɓa jin wani ɗan jarida ya faɗa wa dattijo haka a rediyo, ko a jikinsa!

Ki kuma lura da shekarunta. A can, wanda ya gama aji 10 yakan shiga kwalejin share fagen jami'a ta shekara 2, saboda haka yarinyar ba za ta wuce 16 ko 17 ba. Idan ta ce wa kwandasta "anna", wato babban wa, ki sa mata "Yaya" ko "Malam" a baki.

Tambaya: Da za ta fita ta ce wa uwarta "hogi baruttene". An ce mini ma'anarsa "zan je in dawo".

Amsa: Haka ne, ba sa son mai tafiya ya ce "na tafi" ya yi shiru, sai ya haɗa da dawowa. Ai mu ma abin da muke yi ke nan. Ki rubuta "Inna, sai na dawo", uwar ta amsa da "A dawo lafiya, Allah ya kiyaye hanya". Ban da "sai wata rana", wannan ta mai daɗewa ce.

Tambaya: Wane karin magana ya dace da ruɗewarta a tashar birni?

Amsa: "Baƙo ko da ido makaho ne." Na san hannunki zai kai ga "tafiya mabuɗin ilmi", amma ki bar shi ya huta, 'yan muhawarar makaranta sun tsotse shi.

Tambaya: In rubuta cewa daga Indiyanci na fassara?

Amsa: Abin da muke kira Indiyanci Hindi ne, Kannada kuwa dangin Tamil ne da Telugu. Ki rubuta Kannada da "n" biyu, kada yara su zaci yarinyar a Kanada take.